Nasiha ga Samari a kan Cinikin Zaɓi: Tambayoyi da Amsoshinsu

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, maza da mata, Allah ya nufa kun taso a zamanin da mutum yana zaune a ɗakinsa a Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai iya saye da sayarwa ta wayar hannu a kasuwar da bai taɓa taka ƙasarta ba. Daga cikin abubuwan da ake tallata muku a waɗannan kasuwanni akwai wani irin ciniki da malaman Larabawa na zamani ke kira uƙudul ihtiyarat, mu kuwa za mu kira shi cinikin zaɓi, wanda aka fara yi masa kasuwa tsararriya a birnin Shikago na Amirka a shekarar 1973. Tambayoyi sun yawaita a kansa a tsakaninku, wasu na neman sani, wasu kuwa na wanda ya riga ya tsoma hannu yana neman a ce masa babu laifi; saboda haka na ga ya kyautu in tattara waɗanda suka fi nauyi in amsa su gwargwadon abin da malamai suka bayyana.

Tambaya: Mene ne ainihin abin da ake saye a wannan ciniki?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a daɗe a kanta, domin malamai sun ce hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar surarsa ne, kuma da yawa daga masu jayayya a kan halascinsa ba su zauna sun lissafa ciniki guda daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba. To bari mu lissafa.

A ƙaddara akwai wani kamfani da ake sayar da hannun jarinsa a kan dala 50 a yau. Wani saurayi ya yi zaton farashin zai tashi, amma maimakon ya sayi hannun jarin, sai ya je ga wani mutum a kasuwar ya ce, ga dala 2 a kan kowane hannun jari, ka ɗaure kanka cewa daga yau zuwa wata ɗaya, duk ranar da na ga dama, za ka sayar mini da hannun jari 100 a kan dala 55 kowane, in kuwa ban ga dama ba, babu abin da ya hau kaina, kuɗin kuma sun zama naka. Da yake a kasuwannin Amirka kowace takardar zaɓi tana ɗaukar hannun jari 100 ne, abin da saurayin ya biya dala 200 ke nan. Wannan shi ne zaɓin saye, wanda za ku gani an rubuta `Call` a fuskar waya. Kishiyarsa kuwa, wato zaɓin sayarwa, wanda ake rubuta `Put`, shi ne mutum ya biya kuɗi don a ɗaure wani cewa zai saya daga gare shi a kan farashin da aka yanke, ko da kasuwa ta faɗi ƙasa da haka.

Yanzu ku dubi yadda al'amarin ke ƙarewa idan wa'adi ya cika. In hannun jarin ya kai dala 62, saurayin yana da ikon karɓar abin da ya kai 62 a kan 55, bambancin dala 7 sau 100 ya ba shi dala 700, a cire 200 da ya biya, ya tashi da 500. Wanda ya sayar masa kuwa, waɗannan 500 ɗin daga aljihunsa suka fito, ba ragi ba ƙari. In farashin ya tsaya a 56, zaɓin bai wuce darajar dala 100 ba, ya yi asarar 100, duk da cewa zatonsa na tashin farashi ya tabbata. In kuwa ya tsaya a 54, ko 50, ko 30, duk ɗaya ne, takardar ta mutu, dala 200 sun tafi, kuma ba shi da komai a hannunsa da zai nuna ya ce ga abin da na saya. Sai farashi ya haura 57 ne zai fara ganin ko kwabo. Kuma ku lura da wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba: ko da farashin bai motsa daga 50 ba, darajar takardar tana raguwa kullum rana ta faɗi, kamar ƙanƙarar da aka ajiye a rana, domin kwanakin da suka rage wa zaton ya tabbata suna ƙarewa ne.

Da a ce saurayin nan ya ɗauki dala 200 ɗinsa ya sayi hannun jari 4 a kan 50, da ya zama yana da rabo a cikin kamfanin, gininsa da injinansa da ribarsa da asararsa. In farashi ya kai 54 dukiyarsa ta ƙaru da dala 16, in ya sauka 45 ta ragu da 20, amma kayansa suna nan, babu wa'adin da zai zo ya shafe su. A cinikin zaɓi kuwa abin da ya saya shi ne ikon tilasta wa wani mutum ciniki nan gaba, kuma wannan iko kansa shi aka yanka wa kuɗi.

Tambaya: Ai kowane ciniki akwai kasada a cikinsa. Mai sayen buhunan masara a Dawanau da kaka don ya sayar da bazara shi ma bai san gobe ba. Don me za a kira nasa fatauci, a kira wannan caca?

Tambayar tana da kyau, kuma malamai ba su gafala daga gare ta ba tun da daɗewa. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin jifa da tsakuwa da cinikin garari, wato cinikin da aƙibarsa ke ɓoye, mai biya bai sani ba ko zai sami abin da ya biya dominsa ko ba zai samu ba. Amma da yake babu cinikin da ke kuɓuta daga ɗan rashin sani, Imam Alƙarafi, ɗaya daga manyan malaman mazhabarmu ta Malikiyya, ya kasa garari gida uku a littafinsa Alfuruƙ: mai yawa wanda aka haɗu a kan haramcinsa, kamar sayar da tsuntsu yana sama, da ƙanƙane wanda aka haɗu a kan yafe shi, kamar mai sayen gida da bai ga harsashin gininsa ba, da na tsakiya wanda aka yi saɓani a kansa. A zamaninmu kuma Shehin Malami Siddiƙ Addarir na ƙasar Sudan, wanda ya yi littafi sukutum a kan wannan babi, ya bayyana cewa gararin da ke ɓata ciniki shi ne wanda ya yi yawa, ya auku a cinikin musanya, ya shafi ainihin abin da aka ƙulla cinikin a kansa, kuma babu wata buƙata ta gaske da ta tilasta shi.

Ku auna masarar Dawanau da wannan ma'auni. A ranar ciniki mai saye ya san buhu nawa ya karɓa, mai sayarwa ya san nawa ya ƙirga, sun rabu kowa ya mallaki abin da ya nema, cinikin ya ƙare babu duhu a cikinsa. Abin da ba a sani ba, wato farashin bazara, yana wajen cinikin ne, kasada ce da ke bin mai dukiya saboda ya mallaki dukiyar, kuma shari'a ta yarda cewa wanda asarar abu ke wuyansa shi ke cin amfaninsa. In masara ta yi tsada ya ci riba, ribarsa ba ta zama dole asarar manomin da ya sayar masa ba, domin manomin ya riga ya karɓi kuɗin da ya yarda da su ya yi lalurarsa, kuma a tsakanin kaka da bazara ɗan kasuwan ya yi wa jama'a aiki, ya yi dako, ya biya haya, ya yi fama da ƙwari da ɓeraye.

A cinikin zaɓi kuwa rashin sanin yana tsakiyar cinikin ne, shi ne ma hajar da aka kasa. Wanda ya biya dala 200 bai sani ba ko ya sayi abin da zai kai 700 ko abin da ba zai kai komai ba, kuma babu hanyar da mutanen biyu za su fita duka da riba daga takardar nan, abin da ya shiga aljihun ɗaya daga aljihun ɗayan ya fito. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun rarrabe kasada biyu a kan wannan asasi: kasadar fatauci, wadda mutum ke sayen kaya yana fatan riba yana dogara ga Allah, wadda babu makawa daga gare ta, da kasadar caca, wadda ke ƙunshe da cin dukiyar wani a kan ɓarna, wadda Alƙur'ani ya hana a Suratul Ma'ida. Wanda ya duba lissafin da muka yi da idon adalci ya san ɓangaren da takardar nan ta fi kusa da shi.

Kuma kada ku manta da ɗayan mutumin, mai sayar da zaɓin, domin wasunku an kwaɗaitar da su da cewa wannan ɓangaren ne mai daɗi, ana karɓar kuɗi tun farko. In ba shi da hannun jarin a hannunsa, farashi kuma ya yi tsalle zuwa 80, dole ya nemo a kan 80 ya bayar a kan 55, ya yi asarar dala 2,300 bayan an cire 200 da ya karɓa, kuma babu iyaka ga inda farashi zai iya kaiwa. Ga shi kuwa an hana Hakimu ɗan Hizamu, Allah ya yarda da shi, sayar da abin da ba ya hannunsa.

Tambaya: Shin akwai fatawar da malaman zamani suka haɗu a kanta?

Akwai. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta zauna a Jidda a zamanta na bakwai, cikin watan Zulƙida na shekarar 1412 bayan Hijira, daidai da watan Mayu na 1992, ta fitar da ƙuduri mai lamba 63 a kan kasuwannin kuɗi. Abin da ta yanke shi ne cewa cinikin zaɓi, a yadda ake yinsa a kasuwannin duniya, sabon ƙulli ne da bai shiga ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin cinikayyar da fiƙihu ya sani da suna ba, kuma tun da abin da ake ƙulla shi a kansa ba dukiya ba ce, ba amfanin wani abu ba ne irin na haya, ba kuma haƙƙi ba ne irin wanda ya halatta a karɓi musanyarsa, to bai halatta ba, kuma abin da bai halatta a ƙulla shi tun farko ba, bai halatta a riƙa jujjuya shi daga hannu zuwa hannu ba. Hukumar nan ta Baharain da ke tsara ƙa'idojin shari'a ga bankunan Musulunci ta bi wannan hukunci a ƙa'idojinta, haka kuma Mufti Taƙi Usmani na Pakistan.

Wani zai ce ai littattafan fiƙihu cike suke da babin hiyari, inda mai saye ke sharɗanta kwanaki ya yi shawara. Haka ne, har Malikiyya sun fi wasu yalwatawa, suka ce wa'adin yana bin irin kayan, kamar wata guda ga gida, kwana uku ga dabba. Sai dai hiyarin can sharaɗi ne a cikin cinikin kaya da aka riga aka ƙulla, ba a yanka masa kuɗi dabam, ba a kuma ɗauke shi a kai kasuwa a sayar wa baƙo.

Tambaya: To kafin alƙalami fa? Mutum ya ga fili, ya ba da wani abu a riƙe masa zuwa wata ɗaya, in bai dawo ba kuɗin sun zama na mai fili. Ina bambancinsa da zaɓin saye?

A nan ne masu halattawa suka fi samun abin kamawa, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa da natsuwa. Wannan shi ne abin da fiƙihu ke kira cinikin urbun, kuma abu na farko da ya kamata ɗan ƙasarmu ya sani shi ne cewa Imam Malik, Allah ya jiƙansa, ya buɗe babin ciniki na Muwaɗɗa ne da hadisin da ya hana shi, kuma ya fassara shi da irin surar da mai tambaya ya kawo, wato in an karɓi kaya kuɗin su shiga cikin farashi, in an fasa su zama na mai kaya ba tare da ya ba da komai ba. A Malikiyya, in ciniki ya warware, a mayar wa mutum kuɗinsa. Abu Hanifa da Shafi'i ma a kan hanin suke. Imam Ahmad ɗan Hambali ne ya halatta shi, domin yana ganin hadisin bai inganta ba, ya kuma kafa hujja da abin da ya auku a zamanin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, lokacin da wakilinsa a Makka, Nafi'u ɗan Abdulharis, ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya don a mai da shi kurkuku, bisa sharaɗin in Umar ya yarda ciniki ya tabbata, in bai yarda ba Safwanu yana da wani kuɗi da aka ambata. Majalisar Fiƙihu ta ɗauki ra'ayin Imam Ahmad a zamanta na Burunai a 1993, da sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira, amma ta cire canjin kuɗi da cinikin salam, domin waɗannan biyu shari'a ta wajabta karɓa a majalisin ciniki.

To ku lura, majalisa guda ce, shekara guda tsakani, ta hana zaɓi ta halatta urbun, kuma ba ta yi tufka da warwara ba, domin abubuwan biyu sun rabu a wuraren da ke da nauyi. Kafin alƙalami yanki ne na farashin kaya: da saurayinmu kafin alƙalami ya bayar a kan cinikin 55, da ranar karɓa 53 zai cika. A zaɓi kuwa zai biya 55 cif, ban da 2 da suka riga suka tafi, wanda ya nuna cewa waɗancan 2 ɗin farashin wani abu ne dabam. Kafin alƙalami kuma ana ba da shi ne a kan kaya sananne, fili ne ga iyakokinsa, mai shi ya mallake shi ya kuma tsare shi yana korar masu taya, shi ya sa ma waɗanda suka halatta suka ga yana da hujjar riƙe kuɗin saboda jiran da aka sa shi. A kasuwar zaɓi kuwa, mai sayarwa sau da yawa ba shi da kayan, mai saye kuma ba kayan yake so ba. Mafi yawan takardun ba sa kaiwa ga karɓar hannun jari, ko dai a sayar da takardar kafin wa'adi ko ta mutu, wasu ma, waɗanda aka rataya a kan ma'aunin farashin kasuwa gaba ɗaya, babu kayan da za a iya miƙawa ko an so, bambancin lissafi kawai ake biya da kuɗi. Zaɓin sayarwa kuwa ba shi da ko wannan kamanni, domin ba a taɓa jin mai kaya ne ke ba mai saye kafin alƙalami ba.

In mutum ya ce shi ya mallaki hannun jarin da gaske kafin ya sayar da zaɓi a kansu, to ya kuɓuta daga sayar da abin da ba nasa ba, amma illar farko tana nan, domin har yanzu kuɗin da ya karɓa na alkawari ne tsurarsa.

Tambaya: An ce malaman Malesiya sun halatta. Ba za mu iya bin su ba?

Amana ta ilmi ta wajabta in faɗa muku cewa saɓanin yana nan. Majalisar malamai masu ba hukumar kasuwar hannayen jari ta Malesiya shawara ta halatta wasu takardun zaɓin saye da aka rataya a kan hannayen jarin kamfanonin da sana'arsu halal ce, tana ganin haƙƙi ne na dukiya da al'adar mutane ta ba shi ƙima. Farfesa Muhammad Hashim Kamali ya yi littafi a kan wannan, yana kafa hujja da cewa asali a mu'amala halasci ne, kuma kasuwa tsararriya, mai hukumar da ke lamunce wa kowane ɓangare, ta kawar da tsoron kasa cika alkawari. Suna kuma iya cewa ita kanta Majalisar Fiƙihu ta yarda a Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mawallafi da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da ake saye da sayarwa, alhali ba a taɓa su da hannu.

A ganina hujjar jumhuru ta fi ƙarfi. Haƙƙin mawallafi yana nan tun kafin a zo ciniki, yana rataye da littafin da mutum ya ɓata shekaru yana rubutawa; haƙƙin zaɓi kuwa babu shi sai a lokacin da aka biya kuɗinsa, cinikin ne ya haife shi, kuma ba ya haifar da komai sai jiran farashi. Lamunin hukumar kasuwa yana tabbatar da cewa wanda ya ci za a biya shi, amma bai gaya wa kowa wane ne zai ci ba, gararin kuwa a nan yake. Sa'an nan, ya 'ya'yana, ko waɗanda suka halatta da sharuɗɗa suka halatta, a kan kamfanonin da aka tace, a kasuwar da hukuma ke tsaro. Wanda ya ɗauki fatawarsu ya tafi da ita kan zaɓin canjin kuɗi ko na hannun jarin bankin da ke cin kuɗin ruwa ya jingina musu abin da ba su faɗa ba.

Tambaya: Ɗan kasuwar da ba caca yake nema ba, kariya yake nema daga juyin farashi, ina mafitarsa?

Buƙatarsa gaskiya ce, kuma shari'a ba ta hana mutum tsare dukiyarsa ba. Mai kamfanin abincin kaji da ke tsoron tsadar masara yana da cinikin salam, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yi a kan 'ya'yan itace, ya tabbatar musu da shi da sharaɗin sanin awo da nauyi da ajali: ya biya kuɗin buhu 500 gaba ɗaya yau, a siffanta irin masarar da nauyin buhu da ranar kawowa da wurin, Malikiyya ma sun yi rangwamen jinkirta biyan har kwana uku. Ga mai shigo da kaya da ke buƙatar dala bayan wata uku, bankunan Musulunci suna amfani da alkawari mai ɗaure ɓangare guda, wanda asalinsa ra'ayin Malikiyya ne cewa alkawari yana zama wajibi in wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi, kuma a 2010 aka fitar da yarjejeniya ta bai ɗaya da ake kira Tahawwuɗ don irin waɗannan mu'amaloli tsakanin bankuna. Amma malamai da yawa suna ƙyamar a karɓi lada a kan alkawarin kansa, domin in aka yi haka an dawo gidan jiya da sabon suna.

Ba zan ɓoye muku ba, salam ba ya ba da abin da zaɓi ke bayarwa. Wanda ya yi salam, in masara ta yi araha da kaka, ba shi da ikon ya juya baya, ya saya ke nan da tsada. Damar cin tashin farashi tare da tsere wa faɗuwarsa, wadda ita ce daɗin zaɓi, ita ce daidai abin da jumhuru suka ce ba a sayensa da kuɗi.

Tambaya: Wanda ake yi a waya fa, a danna sama ko ƙasa, a ga sakamako bayan minti biyar?

Wannan bai kai a ja magana a kansa ba, kuma ko waɗanda suka halatta wancan ba su halatta wannan ba. Mutum ya sa naira 10,000, in ya dace a ƙara masa kamar 8,000, in ya kuskure a kwashe 10,000 ɗin duka. Ya danna sau 10, ya dace 5 ya kuskure 5, ya ci 40,000 an ci shi 50,000. Ashe ko ya yi kunnen doki asara yake yi, haka aka gina abin. Hukumomin Tarayyar Turai sun hana sayar wa talakawa wannan tun 2018, Birtaniya ta bi a 2019, ba kuwa don sun karanta Muwaɗɗa ba, don sun ga asarar mutanensu ne. Ko a zaɓi na kasuwa tsararriya, hukumar kasuwar hannayen jari ta Indiya ta bincika ta bayyana a 2024 cewa fiye da 9 cikin kowane 10 na ɗaiɗaikun mutane masu wannan harka asara suka yi. In kun ga wani yana nuna muku hoton ribarsa, ku tambaye shi nawa kamfanin ke ba shi a kan kowane mutum da ya kawo.

Saura wanda ya riga ya shiga. Ya rufe abin da ke hannunsa, ya riƙe uwar kuɗinsa, abin da ya hau kai kuwa ya kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki lissafinsa dalla-dalla, domin abin da mafi yawan malamai ke umurni da shi a irin wannan shi ne a fitar da shi ga mabuƙata ko maslahar jama'a. Wanda aka ci shi kuma kada ya koma da niyyar ramawa. Kuma duk wanda ya zo muku da wata sabuwar takarda da sunan halal, kafin ku miƙa ko sisi, ku sa shi ya faɗa muku kayan da za ku mallaka, da wanda ke riƙe da su yanzu, da majalisar malaman da ta duba ta, ya kuma nuna muku fatawar a rubuce.